Sana'a Biyu Ko Guda Ɗaya? Lissafi Daga Kasuwan Magani

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kasuwan Magani da Kujama da Kufana da Kajuru, har zuwa Kachia, Kwoi, Zonkwa da Kafanchan.

Yau tambaya ɗaya muka zo da ita. Mutum yana da ɗan jari kaɗan, kuma yana da jiki guda ɗaya. Shin ya raba su gida biyu, ya riƙe ƙananan sana'o'i biyu? Ko ya tattara komai ya zuba a wuri guda?

Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Ga mai ƙaramin ƙarfi a wannan yanki namu, sana'a biyu ta fi aminci. Amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada abu ɗaya ya iya kayar da su tare. Na biyu, kada su kira ka a lokaci guda. Zan maimaita, domin a kan wannan za mu tsaya har ƙarshen shirin. Kada su faɗi tare, kuma kada su kira ka tare.

To, mu fara da batun faɗuwa.

Duk wanda ya noma citta a kudancin Kaduna ba zai manta da daminar 2023 ba. An shuka iri a watan Afrilu da Mayu kamar yadda aka saba. An rufe shi da ciyawa da ganye. Ya tsiro, ya yi kyau. Sai a tsakiyar damina ganye ya fara yin rawaya, yana yanƙwanewa, yana bushewa. Manomi ya tona ƙasa, ya tarar cittar ta ruɓe. Cutar ta bi gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a da Zangon Kataf. Mutane da yawa ba su tono abin kirki ba a wannan shekara.

Ga inda abin ya fi ciwo. Citta ba kamar masara ba ce, da za ka sayi ɗan mudun iri ka shuka fili mai faɗi. Irin citta, cittar ce kanta. Daga abin da ka tono bana kake ware na shukar baɗi, kuma buhuna ake warewa. Saboda haka wanda gonarsa ta ruɓe, asara biyu ya yi a dare ɗaya. Ya rasa amfanin bana, ya rasa irin baɗi. Da farashi ya yi tashin gwauron zabi daga baya, yawancin manoma ba su da abin sayarwa. Ba su kuma da kuɗin sayen iri a sabon farashi.

Yanzu ku duba mutum biyu a wannan shekara. Ɗaya yana noman citta, kuma yana saye da sayar da busasshiyar citta a kasuwa. Idan ka tambaye shi, zai ce maka sana'a biyu gare shi, noma da fatauci. Ɗayan kuma yana noman citta, amma yana da keken ɗinki a bakin hanya. Da cutar ta zo, na farko ya tarar ashe sana'arsa guda ce. Gona ba amfani, kasuwa ba kaya. Na biyun ya sha wuya shi ma, domin manoman da ke kawo masa ɗinki aljihunsu ya bushe. Amma kayan makarantar yara ba su daina yagewa ba, Kirsimeti da Salla ba su fasa zuwa ba. Tukunyar gidansa ba ta sauka daga murhu ba.

Kun ga bambancin? Ba ƙidayar sana'a ake yi ba. Abin da zai iya kayar da ita ake dubawa.

Ga wani misalin, wannan a ƙofar gidanmu ya faru. A 2021, saboda matsalar tsaro, gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako-mako a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Kajuru. Ba a jima ba ta hana hawa babur na wani lokaci, aka kuma katse layukan waya a wasu sassan jihar. Ku tuna da matashin da yake da tebur a kasuwa ranar Alhamis, sauran kwanaki kuma yana acaɓa. A idon kowa ya yi dabara. Amma dalili guda ne ya rufe masa ƙofofin biyu. Wanda ya ɗan numfasa a lokacin shi ne mai masara da dawa a rumbu, ko mai awaki a bayan gida.

Haka nan ba za mu manta da watan Oktoba na 2018 ba. Rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani ranar kasuwa, aka rasa rayuka fiye da hamsin, aka sa dokar hana fita. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Allah kada ya maimaita mana. Na ambaci wannan ne da nauyin zuciya, domin akwai darasin lissafi a ciki. Wanda rumfarsa da ma'ajiyar kayansa da masu riƙe da bashinsa duk suke cikin kasuwa guda, ko yana sayar da kaya kala biyar, haɗarinsa ɗaya ne.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ga tambayar da za ka yi wa kanka. Wane abu guda ne, idan ya faru gobe, zai tsayar da sana'o'ina duka biyu? Ruwan sama ne? Rufe kasuwa ne? Tsadar man fetur ce? Ko rashin kuɗi a hannun manoma? Idan amsa ta zo maka nan take, to ka sani sana'arka ɗaya ce mai suna biyu.

Kada in yi muku alkawarin da ba zai cika ba. Akwai shekarar da masifa biyu ke haɗuwa ba tare da dangantaka ba. A 2023 ɗin nan, ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Mai citta da acaɓa ya sha duka ta gaba da ta baya. Amma ko a nan akwai bambanci. Acaɓa ta rage kawo kuɗi, ba ta mutu ba. Ya ƙara kuɗin ɗaukar fasinja, ya rage yawon neman fasinja, ya samu na cefane. Citta kuwa ta tafi gaba ɗaya. Sana'a ta biyu ba ta hana asara. Abin da take yi shi ne ta hana ka sayar da gona ko akuyar ƙarshe domin ka ci abinci.

Wannan ke nan game da faɗuwa. Yanzu mu juya ga abu na biyu, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Ƙarfin jiki.

Kuɗi ana rabawa. Jiki ba a raba shi. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma ya yi gaskiya idan a baki ɗaya aka cusa su lokaci guda. Sirrin duka yana cikin lokaci.

Mu ɗauki misali, mu bi shi a hankali. Ga magidanci mai 'yar gonar citta da masara, kuma yana da babur nasa na kansa. A ce, bayan ya cire kuɗin mai, acaɓa tana bar masa naira 5,000 a rana. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, a ce tana bar masa ninkin haka, domin tun asuba ake ɗauko mutane da kaya daga ƙauyuka. Waɗannan lambobi na misali ne, kowa ya sa nasa.

Da rani babu rigima. Gona tana hutawa, babur yana aiki. Rigima tana farawa ne idan damina ta kankama. Ciyawa ta taso a gonar citta, kuma citta ba ta son a makara da cire mata ciyawa. Aikin hannu ne, a tsugune, a hankali, don kada a taɓa saiwa. A ce aikin zai ci masa kwana huɗu shi kaɗai. Idan ya ajiye babur kwana huɗu, ya bar naira 20,000 a kan titi. Idan ya ɗauki 'yan ƙwadago, a ce za su karɓi abin da ya ɗan zarce haka, ga abincinsu, kuma dole wani ya tsaya a kansu.

To me ya kamata ya yi? Lissafin a fili yake. Daga Litinin zuwa Laraba ya shiga gona da kansa, domin a waɗannan ranaku guminsa ya fi daraja a gona. Ranar Alhamis kuwa ko kusa kada ya taɓa fartanya, domin ranar babur ce. Idan aiki ya rage, sai ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu da kuɗin Alhamis su ƙarasa tare ranar Juma'a. A haka sana'o'in biyu suna miƙa wa juna hannu. Babur yana biyan ƙwadago da taki. Gona tana cika rumbu, ta sa kuɗin babur ba ya ƙarewa a sayen hatsi.

Amma ku dubi abin da mutane da yawa suke yi. Ba ya son ya rasa ko ɗaya. Sai ya shiga gona da asuba, ya yi har rana ta take. Ya dawo, ya watsa ruwa, ya hau babur har bayan isha'i. Mako ɗaya, mako biyu. A mako na uku ciyawar ba ta ƙare ba, domin aikin rabin yini ba ya kamo ta. Shi kuma ido ya yi ja. Yana gyangyaɗi a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, hanyar da manyan motoci ke bi. Faɗuwa ɗaya, ƙafa ta karye, sai gona da babur su tsaya tare har wata biyu ko uku.

Kun ji inda maganar ta dawo? Ashe jikin mutum shi ne babban abin da zai iya kayar da sana'o'i biyu lokaci guda. Cutar citta ba ta taɓa babur. Dokar hana babur ba ta taɓa gona. Amma zazzaɓi ko karaya suna taɓa duka biyun.

Ta yaya za ka gane nauyin ya fi ƙarfinka? Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Kullum kana makara da aikin gona, maƙwabta sun gama noman farko kai ba ka kai rabi ba. Abokan cinikinka sun fara cewa, mun zo ba mu same ka ba. Ka fara dogara da ƙwayoyin kashe gajiya kafin ka iya fita aiki. Kana mantuwa da wanda ka ba bashi. Idan biyu daga cikin waɗannan sun bayyana, ba lalaci ba ne. Jiki ne yake gaya maka lissafinka bai daidaita ba. Ka saurare shi tun yana magana a hankali.

A nan ina so in tsaya in yi magana da iyayenmu mata. Mama, Inna, Anti, ku riga kuna da aiki cikakke kafin a zo batun sana'a. Ɗebo ruwa, itace, girki, rainon yara, ga kuma gona. A lokacin kaka, yawancin aikin tsaga citta da shanya ta a hannunku yake. Idan mace mai sayar da abinci ranar kasuwa ta ce za ta ƙara da tuyar ƙosai kullum da safe, ba sana'a ta biyu ta ɗauka ba, ta uku ce ko ta huɗu. Abin da ya fi dacewa da irin wannan hali shi ne sana'ar da ba ta neman tsayuwa duk yini. Kiwon awaki biyu ko uku. Sayen waken soya ko masara da kaka a adana da kyau zuwa bazara. Su ma suna da nasu haɗarin. Akuya tana ciwo, ana sace ta. Hatsi yana yin ƙwari idan bai bushe sosai ba, kuma akwai shekarar da farashi ba ya tashi kamar yadda aka zata. Amma ba su hana ki barci.

To, akwai wani tarko kuma, na kuɗi. Bari mu taɓa shi a taƙaice.

Babur ɗin da muka yi misali da shi, na ce nasa ne na kansa. Idan na wani ne, yana kai balas kullum, ko ya karɓe shi bashi yana biya mako-mako, lissafi ya canza gaba ɗaya. Mai babur ba ruwansa da ciyawar gonarka. Ranar da ka shiga gona, balas yana nan yana jiranka. Sana'ar da aka kafa da bashi mai biyan kullum ba ta rage haɗari, ƙara shi take yi. Ta kuma ƙwace maka 'yancin zaɓar ranar da za ka yi wane aiki.

Sannan a daina zuba kuɗin sana'a biyu a aljihu ɗaya. Idan aka gauraya su, mai riba tana ciyar da mai asara shekara da shekaru, ba wanda ya sani. Ka ware. Ko da leda biyu ce, ko shafi biyu a littafin yaro. Kuma daga kuɗin babur ka riƙa cire na taya da sarƙa da baƙin mai da gyaran inji kafin ka kira sauran riba. Wanda bai cire wannan ba, babur ɗinsa yake ci a hankali, yana zaton riba yake ci.

Yanzu mu yi adalci ga ɗaya ɓangaren. Akwai lokacin da sana'a ɗaya ta fi. Kuma ina faɗin wannan da gaske.

Akwai sana'o'in da jarinsu shi ne a same ka a wurin. Makaniki. Tela. Mai walda. Dillalin hatsi. Ku dubi dillali a kasuwar hatsi. Manomi yana sauke masa buhu domin ya san shi shekara da shekaru. Ɗan sari daga Kaduna yana kiransa a waya ya ce a tara masa kaya kafin ya iso, wani lokaci har ya turo kuɗi tun kafin ya ga kayan. Wannan amana ba ta samuwa ga mai zuwa yau, gobe ba ya nan. Haka makaniki. Idan direba ya zo sau biyu ya tarar da gareji a rufe saboda maigida yana gona, karo na uku wani wuri zai nufa, kuma ba lallai ya dawo ba. A irin wannan sana'a, raba kai yana hana girma. Mutum zai shekara goma yana ƙarami a wuri biyu, alhali da ya tsaya wuri ɗaya da ya ɗauki yara yana koya musu.

To yaushe mutum zai saki ɗaya ya rungumi ɗaya? Ga yadda nake auna abin. Idan kana mayar da masu kawo aiki saboda ba ka da lokaci, kuma hakan yana faruwa da damina da rani, ba a makon Salla ko Kirsimeti kaɗai ba, sana'ar tana kiranka. Idan kuɗin da kake rasawa a ranar da ka rufe shago ya fi abin da ɗayar sana'ar take ba ka a wannan ranar, lissafi ya riga ya yanke hukunci. Sharaɗi na ƙarshe shi ne abinci. Kada ka koma sana'a ɗaya sai kana da abin da gidanka zai ci na aƙalla wata uku ko da ba ka samu ko sisi ba. Hatsi a rumbu, ko dabba, ko zubin adashi a hannun amintattu. Mun ga an rufe kasuwa na tsawon makonni. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai ce wata uku ya yi yawa ba.

Kuma sakin sana'a ba yana nufin yar da ita ba. Makanikin da ya tsaya a gareji ba sai ya sayar da gonar gado ba. Ya ba ɗan'uwa ya noma, a yi yarjejeniya a gaban shaidu kan abin da kowa zai samu da kaka. Ya ajiye fartanya, amma buhun masara yana shigowa gida. Ƙarfinsa yana wuri ɗaya, haɗarinsa ya rabu biyu. A ganina wannan shi ne mafi kyawun matsayi ga wanda sana'arsa ta kama ƙasa.

Manomin da ya ce shi noma kaɗai ya sani, shi ma akwai abin da zai yi. Kada ya ba citta dukkan fili, komai daɗin farashinta. Ya bar wa masara da dawa wurinsu, domin cutar da ta ruɓar da citta ba ta hana su yin zangarniya ba. Kada ya maimaita citta a filin da ta ruɓe, domin irin wannan cuta tana daɗewa a cikin ƙasa. Ya kula da inda irinsa ya fito, ya guji filin da ruwa ke kwanciya. Idan ya ga ganye ya fara rawaya ba lokacinsa ba, ya tona ya duba, ya nemi malamin gona da wuri.

Jama'a, lokaci yana neman ƙure mana. Ga roƙona gare ku kafin Alhamis mai zuwa. Ka zauna da maiɗakinka, ko ki zauna da maigidanki, bayan yara sun kwanta. Ku ambaci kowace hanyar da kuɗi ke shigowa gidan. A kan kowacce ku tambaya, me zai iya tsayar da ita, kuma a wane wata da wace rana take neman jikin mutum? Idan kun tarar biyu suna faɗuwa tare, ku nemi canza ɗaya. Idan kun tarar suna kira tare, ku raba musu ranaku, ko ku miƙa ɗaya ga wani a cikin gida. Kada su faɗi tare, kada su kira ku tare.

Masu hawa babur, don Allah idan barci ya zo a tsaya a huta. Masu shiga gona, Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gona daga cuta. 'Yan kasuwa, Allah ya kawo ciniki, ya zaunar da Kasuwan Magani da kudancin Kaduna lafiya.